Matakai uku na magana a fim ɗin Indiya

Mai kallon fassarar Algaita a Goudji ta N'Djamena ya saba da Faransanci, mai raba tu da vu, don haka ya san wakilin suna na iya ɗaga mutum ko ya sauke shi. Hindi ta zarce nan, matakanta uku ne: tu, tum da ap. Aikatau ma yana bin su. Idan za a ce mutum ya zo, sai a ce a, ko awo, ko ayiye, gwargwadon matakin da aka ajiye shi.

Ap na uba ne, da malami, da baƙo, da shugaba a wurin aiki. Tum na tsara ne da na ƙasa da kai. Tu ce mai wuyar sha'ani, domin da ita ake lallashin jariri, da ita ake roƙon Ubangiji, da ita kuma ake cin mutunci. A Sholay na 1975, wanda Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta, Jai da Veeru suna tu da juna saboda aminci, ɗan fashi Gabbar Singh kuma yana jefa wa Thakur ita don wulaƙanci. Shekaru kaɗai ba sa yanke hukunci. Tsohon direba yana ce wa ɗan maigidansa ap, yaron ya mayar masa da tum. Gari ma yana da nasa hali: a Lucknow har yaro ana yi masa ap, a titunan Mumbai kuwa tu ba abin faɗa ba ce.

Hausa ba ta da wannan tsani. Kai da ke jinsi suke rabawa, sarki da kansa "ranka ya daɗe" ake ce masa. Girmamawarmu tana cikin laƙabi, da jam'in ku, da kauce wa nuna mutum kai tsaye.

Ɗauki sufeton 'yan sanda da ya shiga gidan attajiri bincike. Da ap yake farawa: betiye. Da hujja ta fara fitowa sai ya sauko tum: beto. Ranar da ya zo da ankwa, bet kawai zai ce. Mai fassarar da ya mayar da ukun duka "zauna" ya zubar da labarin, ko da bai kuskure ma'ana ba. Gwani zai fara da "Alhaji, bismilla, a zauna", ya koma "zauna mana", ya ƙare da "kai, zauna nan!", ya jefar da Alhajin gaba ɗaya.

Ana gane aikin gaggawa idan fuskar ɗan wasa ta nuna an ci zarafinsa alhali Hausar ba ta ɗauke da zagi. Can a asalin fim ɗin an sauke shi daga ap ne. Haka a soyayya: ranar da budurwa ta bar ap ta kama tum, ta amince ke nan, a Hausa kuma sai ta daina "Malam" ta koma "Yaya".