Tsohon Wasa a Sabuwar Riga: Nazari a Kan Sabunta Wasannin Bidiyo

Littafin da aka rubuta shekara ɗari biyu da suka wuce, muddin gara ba ta ci shi ba, duk wanda ya san haruffansa yana iya buɗe shi ya karanta, amma wasan bidiyo ba haka sha'aninsa yake ba, domin rayuwarsa a ɗaure take da na'urar da aka ƙera shi dominta, idan kuwa na'urar ta mutu ko aka daina sayar da ita, to faifan da ke hannunka ya zama ajiya marar amfani. Na'urar PlayStation 3 tana da ƙwaƙwalwar sarrafawa mai suna Cell wadda tsarinta ya saɓa wa na sauran, saboda haka da PlayStation 4 ta fito a shekarar 2013 sai ya zamana ba ta iya karanta faifan magabaciyarta ko ɗaya. Wata cibiya mai suna Video Game History Foundation ta fitar da bincike a 2023 inda ta nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa a lokacin binciken. Wannan shi ne sababi na farko, kuma mafi cancanta, da ya sa ake komawa ga tsofaffin wasanni a sabunta su.

Sababi na biyu shi ne riba, kuma babu aibi a faɗe shi a sarari. Ƙirƙirar sabon wasa babba takan ci shekaru da dukiya mai yawa ba tare da tabbacin karɓuwa ba, alhali wasan da ya riga ya yi suna yana da labarinsa a shirye, da masoyansa waɗanda suka buga shi suna yara, yanzu kuwa sun girma suna da abin hannunsu. Ɗan kasuwa bai yi laifi ba don ya lura da haka, sai dai wajibi ne mai saye ya san cewa begen ƙuruciyarsa yana cikin abin da aka yi wa kuɗi.

Sabuntawar iri biyu ce, kuma rashin bambance su shi ne asalin yawancin nadamar masu saye. Na farko gyaran fuska ne, wanda za ka ga an rubuta Remastered ko HD a jikin kwalinsa: ana riƙe ainihin rubutun manhajar yadda yake, a ƙara yawan ɗigon hoto daga kusan 640 sau 448 na zamanin PlayStation 2 zuwa 1920 sau 1080 ko fiye, a faɗaɗa shi ya cika talabijin mai faɗi, sau da yawa kuma a ɗaga saurin motsi daga hoto 30 a kowane sakan zuwa 60. Na biyu sabon gini ne tun daga tushe, inda ake ɗaukar labari da mutane da wurare a sake ƙera su da kayan aikin yau. Misalin na farko shi ne mai juyar littafi, wanda amanarsa ita ce ya kyautata rubutu kada ya ƙara harafi ko ya rage. Misalin na biyu kuwa mai tahamisi ne, wanda yake da izinin ƙara nasa, da sharaɗin ya fahimci ƙafiya da manufar mai asalin waƙa. Kowannensu da ma'aunin da za a auna shi, kuma zalunci ne a auna ɗaya da mudun ɗaya.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne cewa tsofaffin masu ƙera wasa sun yi aiki cikin ƙuncin na'ura, sai suka mai da ƙuncin nan ya zama wani ɓangare na hikimar aikin, har ta kai wanda ya zo daga baya ya kawar da shi da niyyar gyara yana iya rushe abin da ya tokare ginin. Babu inda wannan ya fito fili kamar a Grand Theft Auto: San Andreas na kamfanin Rockstar, wanda ya fito a 2004, wanda kuma duk wanda ya zauna a gidajen gem na Kano ko Kaduna a shekarun da PlayStation 2 ke tashe zai tuna da shi. Ma'ajiyar aikin wannan na'ura megabait 32 ce kacal, ba ta iya ɗaukar duk ƙasar wasan a lokaci ɗaya, don haka aka lulluɓe nesa da hazo mai launin ruwan goro, yadda mai wasa ba ya ganin abin da ya wuce 'yan unguwanni. Hazon ya rufa wa na'ura asiri, amma ya yi wani aiki da ya fi wannan: ya sa biranen nan uku, Los Santos da San Fierro da Las Venturas, suka zama kamar akwai doguwar tafiya a tsakaninsu, mutum ya ɗauki hanya ya ratsa daji da hamada yana jin ya yi nisa da gida.

A watan Nuwamba na 2021 aka fitar da shi tare da 'yan'uwansa biyu, Grand Theft Auto III da Vice City, da laƙabin The Definitive Edition, kamfanin Grove Street Games ne kuma ya yi aikin, aka sayar da su a kan dala 60. An ɗage hazon saboda na'urorin yanzu ba su bukatarsa, sai ga shi wanda ya hau dogon bene ko ya tashi a jirgi yana hango biranen uku gaba ɗaya a gabansa, kusa da juna, ƙasar da ake ɗauka faffaɗa ce ta koma ɗan tsibiri. Ruwan sama da aka sake zanawa ya yi kaurin da ba a iya ganin hanya da dare, siffofin wasu mutane sun jirkice, an kuma rasa wasu waƙoƙi na gidajen rediyon cikin mota, har da na Michael Jackson a Vice City, domin izinin waƙa na wa'adi ne, idan ya ƙare sai an sake biya. Abin da ya fi ɓata wa jama'a rai shi ne an janye tsofaffin daga kasuwa kafin fitowar sababbin. Kamfanin Rockstar ya nemi gafara a cikin watan, ya mayar da na asali ga masu kwamfuta, ya yi ta aiko da gyare-gyare, amma sai a Nuwamba na 2024 aka kawo wa masu kwamfuta da na'urorin gem zaɓin Classic Lighting wanda ya maido da launin sararin sama irin na dā. Shekara uku ke nan wanda ya yi gaggawar saye yana jira. Irin wannan ta faru ga Silent Hill HD Collection a 2012, inda aka yi aiki da rubutun manhaja da bai kammala ba, hazon garin ya yi rauni har ana ganin iyakar da masu zane suka tsaya, a wasan da duk tsoronsa yana cikin abin da ido bai gani ba.

Wanda ke son ganin yadda ake riƙe amana kuwa, ya dubi Resident Evil na kamfanin Capcom. Asalinsa na 1996 ne, sai Shinji Mikami, wanda ya jagoranci na farkon, ya sake gina shi a 2002 don na'urar GameCube. Bai taɓa ginshiƙan ba, wato kyamara a kafe a kusurwar ɗaki, da ƙarancin harsashi, da jakar da ba ta ɗaukar kaya da yawa. Abin da ya ƙara shi ne gawar da ka kashe, idan ba ka fasa mata kai ko ka zuba mata kananzir ka ƙone ta ba, bayan wani lokaci za ta tashi da gudu da farata, ta fi dā sharri. Kananzir kuwa kaɗan ne, dole ka zaɓi wace gawa ce ke kan hanyar da za ka sake bi. Da wannan ƙari guda ya sa wanda ya haddace tsohon gidan ya koma yana tsoron ɗakunan da ya riga ya share, abin da wasan yake nema ke nan tun farko. Sa'an nan a 2015 aka yi wa wannan sabon gini gyaran fuska, aka kuma bar wa mai wasa zaɓi tsakanin tsohon fasalin allo da mai faɗi, da tsakanin tsohon salon tafiya da sabo. Barin zaɓi irin wannan alama ce da ban taɓa raina ta ba, domin tana nuna masu aikin sun san akwai abin da za a iya rasawa.

To, mai kuɗi a hannu fa, yaya zai yanke hukunci? Ya fara da tambayar ko na asalin yana aiki a na'urar da ya mallaka. The Last of Us ya fito a 2013, aka yi masa gyaran fuska a 2014 don PlayStation 4 da hoto 60 a sakan, sa'an nan aka sake gina shi a 2022 da sunan Part I a kan dala 70. Tun da PlayStation 5 tana karanta faifan PlayStation 4, wanda ke da na 2014 ba ya bukatar komai don ya buga shi. Labarin ɗaya ne, wuraren ɗaya ne, abin da zai biya shi ne kyawun fuskoki da haske da sauƙaƙawa ga masu raunin gani ko ji, zai kuma rasa sashen gasa da jama'a ta intanet wanda na 2014 yake da shi. Ga makaho ko mai raunin gani wannan ciniki ne mai albarka. Ga wanda ya gama wasan sau biyu, a ra'ayina, ya dace ya jira ragi.

Bayan wannan sai ya binciki abin da aka cire, domin talla ba ta ambaton sai abin da aka ƙara. Resident Evil 3 na 2020 yana da kyan gani ƙwarai, amma an zubar da sashen hasumiyar agogo da zaɓin hanyoyi na asalin 1999, wanda ya saye shi don su kuwa ya yi asara. Kada ya dogara ga hoto a tsaye. Ya nemi bidiyon da aka jera tsoho da sabo gefe da gefe suna motsi, a kan irin na'urarsa, ya lura da dare da ruwan sama da nesa, nan ne aibi yake ɓoyewa, ya kuma duba ranar da aka yi sharhin, tun da wasan da aka kushe a makon fitowarsa yana iya zama an gyara shi. Ya lissafa nauyin saukewa, gama sabon gini yakan kai gigabait masu yawa, kuɗin data kuma a ƙasashenmu yana cikin farashi. Idan a kwamfuta yake saye ta Steam, ƙa'idarsu ita ce ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 matuƙar bai buga fiye da awa biyu ba, don haka ya yi amfani da awowin nan ya tafi kai tsaye wurin da ya fi sani a tsohon wasan, ya gwada tuƙi da harbi da sauti a can, kafin wa'adin ya cika.