Mai Rumbun da Ya Sayar da Masara Tana Gona

A ƙananan garuruwan jihar Iowa ta Amurka, kusan ko'ina ka ga layin dogo za ka ga dogayen rumbunan hatsi a gefensa. Mai kula da irin wannan rumbu shi ne ɗan kasuwar da ya fi burge ni a harkar hatsi. A watan Mayu, masara ba ta kai idon sawu ba, yake yanke wa manomi farashin da zai biya shi a Oktoba. Bai san ko damina za ta yi kyau ba, bai san ko farashi zai faɗi ba, amma ya yi alkawarin biyan ɗaruruwan dubban daloli ya je ya yi barcinsa.

Abin da yake ba shi wannan natsuwa yana Chicago. An kafa kasuwar hatsi ta birnin a 1848, kuma a 1865 ta tsara kwantiragin cinikin gaba mai ƙa'ida ɗaya ga kowa. A yau kwantiragi ɗaya na masara mudun Amurka 5,000 ne, mudun da suke kira bushal, wanda ya ɗan haura kilo 25. Kenan kwantiragi ɗaya ya kai kimanin tan 127. An riga an ƙayyade ingancin masarar da wurin miƙa ta da watan miƙawa, farashi kaɗai ake ciniki a kai. Kwantiragin Disamba shi ne na sabuwar masara, shi kowa ke zuba wa ido tun lokacin shuka. Kuma duk wanda ya sayar da kwantiragi yana iya saye shi daga baya ya fita, ba tare da ya auna ko ƙwaya ɗaya ba. A nan dabarar take.

Mu ɗauki misali. A Mayu, kwantiragin Disamba yana dala 4.60 kowane mudu. Mai rumbu ya san, daga littafinsa na shekaru, cewa da kaka masana'antar itanol da ke kusa da shi takan sayi masara da ragin senti 20 ƙasa da farashin Chicago. Sai ya taya wa manoma da ragin senti 40, wato dala 4.20, suka amince za su kawo masa mudu 50,000. A ranar, ba gobe ba, ya sayar da kwantiragi 10 na Disamba a kan 4.60. Yanzu yana da masarar da ya saya a hannun manoma, yana kuma da daidai ita da ya sayar a takarda.

Damina ta yi albarka, Oktoba ta zo, Chicago ta faɗo zuwa 3.90. Masana'anta ta ce 3.70 za ta biya. Masarar da ya saya 4.20 ga shi zai sayar 3.70, faɗuwar senti 50 a kowane mudu, dala 25,000 ke nan a dunƙule. Amma kwantiragin da ya sayar 4.60 yanzu zai saye shi 3.90, ya ci senti 70. A cire 50 daga 70, saura 20. Senti 20 sau 50,000, dala 10,000, daidai ribar da ya lissafa wa kansa tun a Mayu.

To a ce fari aka yi, Chicago ta hau 5.60. Masana'anta za ta biya 5.40, ya ci dala 1.20 a kan masarar, ya yi asarar dala ɗaya a takarda. Senti 20 ɗin nan dai suna nan. Wasu kan ce ai ya yi wauta, ya bar ribar dala 50,000 ta wuce shi. Ni ban ga wauta ba. Mutumin da abincinsa senti 20 ne a mudu, faɗuwar senti 70 sau ɗaya tana iya cinye masa ribar shekaru, kuma shi sana'arsa tara hatsi ce da busarwa da lodi. Ya bar wa masu son caca da farashi su yi, su ne ma suke sayen kwantiragin nasa.

Gwanintar kuwa tana cikin ratar nan da ke tsakanin farashin garinsa da na Chicago. Kwantiragi ya ɗauke masa hawa da saukar kasuwar duniya, amma ratar ta rage a wuyansa. Ita kuwa abubuwan gida ne ke juya ta: kuɗin jirgin ƙasa, ko rumbunan yankin sun cika, ko masana'anta ta tsaya gyara. A kakar 2022 ruwan kogin Mississippi ya ja baya sosai, kwale-kwalen dakon hatsi suka kasa ɗaukar cikakken lodi, kuɗin dako ya tashi, farashin hatsi a garuruwan bakin kogi ya yi ƙasa da na Chicago fiye da yadda aka saba. A misalinmu, da ragin masana'anta ya koma senti 35 maimakon 20, ribar ta dawo senti 5. Shi ya sa idan ka tambayi gwanin mai rumbu nawa masara take yau, ba zai ce maka 4.20 ba, zai ce arba'in ƙasa da Disamba. Yana riƙe da tarihin wannan rata mako-mako, ya san lokacin da takan buɗe da lokacin da takan tsuke, kamar yadda tsohon dillali a Dawanau ya san bambancin farashin ƙauye da na Kano ba tare da ya duba takarda ba.

Abin da ya fi karya masu rumbu shi ne kuɗin hannu. Kasuwa tana karɓar kuɗin jingina daga duk mai kwantiragi, kuma kowace rana ake lissafin riba da asara. Idan farashi ya hau dala ɗaya a Yuli, mai kwantiragi 10 sai ya zuba dala 50,000, alhali ribar da za ta cike gurbin tana tsaye a gona sai Oktoba. Lissafinsa daidai ne, aljihunsa ne babu komai. A Yunin 2008, lokacin ambaliyar Iowa, masara ta haura dala 7, masu rumbu da dama suka ƙure bashin da bankunansu suka yarda su ba su, har wasu suka daina yanke wa manoma farashin gaba. Mai hankali yakan zauna da bankinsa tun kafin shuka, su lissafa nawa zai buƙata idan farashi ya hau dala biyu.

Sai kuma manomin da bai kawo kaya ba. A shekarar fari irin 2012, da masara ta wuce dala 8, gonar da aka yi alkawari da ita tana iya ƙonewa. Mai rumbu ya riga ya yi asara a takarda, masarar da za ta rama masa kuwa ba ta zo ba. Don haka yake hana manomi ya yi alkawarin duk abin da yake sa ran girbewa, kuma da zafi ya tsananta a Yuli, lokacin da masara ke fitar da gemu, yakan shiga mota ya zaga gonakin da ya saya da idonsa. Idan ya ga ganye ya nannaɗe tun da hantsi, ya san lokaci ya yi da zai kira manomin su yi magana, su sake lissafin mudu nawa zai iya kawowa, shi kuma ya saye kwantiragi biyu ko uku ya rage abin da ya sayar.